Babur mai mutuwa in ya yi zafi: yadda na bi wutarsa da mita waya bayan waya

Babur ɗin ƙanena ne, 125cc, mai bugu huɗu, irin wanda ake tayarwa da kik. Da safe bugu ɗaya yake tashi, ya yi tafiya lafiya lau. Amma da ya ɗan jima a hanya injin ya ɗauki zafi, sai ya fara shaƙewa, ya yi 'yar kakari, ya mutu. A buga kik har ƙafa ta gaji, ba zai ce uffan ba. In aka bar shi ya huce na ɗan lokaci, sai ya tashi kamar ba abin da ya faru. Kafin ya kawo mini shi an sauya fulogi, an wanke kafireta, kuma an gaya masa cewa CDI ne ya mutu.

"Yaya, kawai in sayo CDI ɗin a sa?" in ji shi.

Na ce masa ya dakata tukuna. CDI akwati ne baƙi da aka cika cikinsa da danƙo aka toshe, ba wanda ke ganin abin da ke ciki, shi ya sa duk laifin da aka rasa mai shi sai a ɗora masa. Alhali shi bai ƙirƙirar wuta, karɓa yake daga wani wuri ya tara, ya jira umarni daga wani wuri, sannan ya saki. In ɗaya daga cikin masu kawo masa saƙo ya gaza, zai yi shiru, kuma sabon da za ka sa ma shirun zai yi.

Abu na farko shi ne in tabbatar wuta ce ke ɗaukewa ba mai ba, domin babur mai mutuwa da zafi yana iya zama matsalar mai ko ta bawul da suka matse. Na sa ya zagaya da shi har ya mutu, ya turo shi. Nan take, tun injin na turiri, na cire fulogi, na mayar da shi cikin hularsa, na jingina zarensa a jikin kan injin, nesa da ramin fulogin saboda tururin fetur da ke fitowa, na ce ya buga. Ko ƙyalli babu. Bakin fulogin kuma a jiƙe da mai, wato mai yana zuwa, abin da zai kunna shi ne babu. Da injin ya huce na maimaita, sai ga tartsatsi shuɗi yana tsalle tas-tas. Ke nan akwai wani abu a hanyar wuta da ke aiki in yana sanyi, ya daina in ya yi zafi.

Daga nan na buɗe zanen wayarin da ke bayan littafin gyaran babur ɗin. Mutane da yawa da sun ga zanen nan sai ransu ya ɓaci, layuka sun cakuɗe ko'ina. Dalili kuwa shi ne suna son su fahimci dukkan shafin lokaci guda, ga fitilu, ga sigina, ga hon, ga caji. Ni ba haka nake yi ba. Ina neman alamar fulogi, na ɗora yatsa a kai, na bi layin baya-baya. Daga fulogi layi ɗaya ne zuwa kwayil, wanda aka rubuta masa IGNITION COIL. Daga kwayil waya ɗaya ta tafi wani murabba'i da aka rubuta CDI UNIT. Daga murabba'in nan layuka biyar suka fita, kuma waɗannan biyar ɗin su ne dukkan aikina. Sauran shafin ba ruwana da shi.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da in mutum ya riƙe su zanen zai buɗe masa. Inda layi biyu suka gitta juna ba tare da ɗigo ba, wucewa kawai suka yi, ba su haɗu ba. Inda aka sa baƙin ɗigo, a nan wayoyin suke haɗe da gaske. Alamar gajerun layuka uku da ke ƙanƙancewa zuwa ƙasa tana nufin at, wato wayar ta koma jikin ƙarfen babur. Layi mai lanƙwasa kamar sifirin kuwa naɗin waya ne, kwayil ke nan. Kuma zanen ba ya nuna nisan waya ko inda ta bi a jikin babur, abin da yake nunawa shi ne wa ke haɗe da wa.

Sai haruffan launi da ke kan kowane layi. Harafi na farko launin wayar ne, na bayan karan tsaye kuma launin ratsin da ke jikinta. Zanen da ke hannuna yana bin tsarin launin Honda ne, wanda ƙananan babura da yawa suka kwaikwaya:

```
Bl/R  EXCITER COIL
Bu/Y  PULSE GENERATOR
Bl/Y  IGNITION COIL
Bl/W  IGNITION SWITCH
G     GROUND
```

A wannan tsari Bl baƙi ne, Bu shuɗi ne. A zanen Yamaha kuwa B ne baƙi, L ne shuɗi, don haka kullum sai na duba ɗan akwatin bayanin launuka da ke gefen shafin kafin in yarda da idona. Kuma babur ɗin da ya sha hannu, launin waya ba ya zama hujja sai ka bi ta ka ga inda ta ƙare.

Ga yadda biyar ɗin ke aiki tare. Baƙa mai ratsin ja tana fitowa daga wani kwayil a cikin maganeto, bayan filawil. Filawil na juyawa, maganaɗisun da ke jikinsa yana wuce kwayil ɗin, wuta tana samuwa. Wannan wuta ce ke shiga CDI, ta bi ta dayod, ta taru a cikin kafasita har ta haura 100V, wani lokaci ta ninka hakan. Shuɗiya mai ratsin rawaya tana fitowa daga falsa, ɗan ƙaramin kwayil da ke zaune dab da gefen filawil. Akwai ɗan tudun ƙarfe a jikin filawil ɗin, duk sanda ya gifta gaban falsa sai ta aika 'yar ƙaramar wuta, wadda ke buɗe wani makunni a cikin CDI da ake kira SCR. Da ya buɗe, kafasita sai ta zazzage abin da ta tara gaba ɗaya ta cikin baƙa mai ratsin rawaya zuwa kwayil ɗin fulogi, shi kuma ya ɗaga wutar zuwa dubban V, ta yi tsalle a bakin fulogi. Koriya ita ce hanyar komawa. Baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce mai kashewa.

Wannan ta ƙarshe tana ruɗa mutane, don aikinta a juye yake. A gefen zanen akwai ɗan tebur na makulli, mai nuna waɗanne wayoyi ke haɗuwa a kowane matsayi. A layin OFF an ja layi tsakanin Bl/W da G. Ma'ana, idan ka kashe makulli, ba yanke wa CDI wuta kake yi ba, zubar da wutarsa kake yi zuwa at. A layin ON kuwa wayar a sake take, ba ta taɓa komai. Saboda haka in wannan waya ta goge a wani wuri ta taɓa ƙarfe, ko ruwa da tsatsa suka shiga cikin makulli, babur zai mutu ko da makulli na kunne.

Wani abin da zanen ya gaya mini shi ne babu layi ko ɗaya daga batir zuwa CDI. Wato irin CDI ɗin da ke cin wuta kai tsaye daga maganeto ne, wanda ake kira AC. Akwai wani irin, DC, wanda ke karɓar 12V daga batir ta bayan makulli ya ɗaga ta da kansa a cikinsa. Soket ɗinsu na iya yin kama har su shiga gurbin juna, amma ba sa musanya, kuma sa ɗaya a gurbin ɗaya na iya ƙone shi. Sanin wannan ya rage mini aiki: batir, fis da caji duk sun fita daga lissafi. Fitila da hon na aiki ko ba sa aiki, ba su da ta cewa a kan tartsatsin wannan babur.

Sai mita. Baƙin tsinke a ramin COM, ja a ramin da ke da alamar V da Ω. Kafin in taɓa babur na juya ta zuwa 200Ω, matakin auna om, wato gwargwadon yadda abu ke tare wuta, na haɗa bakin tsinken biyu. Ta nuna 0.3. Wannan lamba ta wayoyin mitar ce da kansu, kuma na rubuta ta, don za a zo wurin da za ta yi tasiri. In tsinken ba su taɓa juna ba mitata tana nuna OL, wasu mitocin kuma suna nuna 1 shi kaɗai a gefen hagu. Duka ma'anarsu ɗaya: hanya a yanke take, ko kuma abin da kake aunawa ya fi ƙarfin matakin da ka zaɓa. Yana da kyau a riƙe wannan ma'ana ta biyu, don wanda ya auna abu mai om dubu huɗu a matakin 200 zai ga OL ya ce ya ƙone, alhali lafiyarsa ƙalau.

Na fara da kwayil ɗin fulogi, tun da shi ne a fili a ƙarƙashin tanki. Na zare wayar da ke shiga masa, domin ba a auna om a abin da ke haɗe da sauran wayarin, ballantana wanda wuta ke cikinsa. A cikin kwayil ɗin naɗi biyu ne. Na farko waya ce mai kauri, zagaye kaɗan. Na biyu waya ce siririya, zagaye dubbai. Na ɗora jan tsinke a harshen da baƙa mai ratsin rawaya ke shiga, baƙi kuma a ƙarfen kwayil ɗin inda ake ɗaure shi da noti, bayan na kankare wurin ya yi haske. Mita ta nuna 0.7. Na cire 0.3 na wayoyin mita, saura 0.4. Naɗin farko na kwayil irin na CDI ƙasa da om ɗaya yake zama, don haka wannan daidai ne. Amma a wannan mataki abin da mita ke iya tabbatarwa kawai shi ne wayar ba ta yanke ba. Bambancin 0.4 da 0.3, wanda zai iya nuna wasu zagayen sun manne da juna, ya yi wa mitar hannu ƙanƙanta.

Na biyu na juya mita zuwa 20k. Jan tsinke a cikin hular fulogi, inda kan fulogi ke shiga, baƙi a ƙarfen kwayil. Ta nuna 8.9, wato om 8,900. Sai na warware hular daga wayar, don a murɗe take kamar sukuru, na auna ta ita kaɗai: 5.1. Na auna kwayil ɗin ba hula, daga tsakiyar babbar wayar: 3.8. In ka haɗa 5.1 da 3.8 ka samu 8.9, lissafi ya fita. Hular tana da om wajen dubu biyar a cikinta da gangan, don rage hayaniyar da tartsatsi ke jefawa cikin na'urorin lantarki. Ina raba su ne saboda sau da yawa hular ce ke lalacewa, ta nuna OL ko lamba mai tsalle-tsalle, a jefar da kwayil mai lafiya. A wannan matakin kuma ba na riƙe bakin ƙarfen tsinken biyu da yatsuna, don jikin mutum ma yana wuce da wuta kaɗan, zai iya sa hanyar da ta yanke ta nuna lamba.

Na duba jikin kwayil ɗin da kyau a cikin haske, ina neman tsagewa ko wani siririn layi mai toka-toka, alamar inda wuta ke tserewa zuwa bodi. Wannan mita ba ta ganinsa, domin da 'yar wutar batirinta take aunawa, shi kuwa kwayil da dubbai yake aiki. Ban ga komai ba. Na yanke ɗan bakin babbar wayar da ya yi kore, na mayar da hula ta kama sabuwar tagulla.

Sai na koma soket ɗin CDI, inda ainihin aikin yake. Na zare CDI na ajiye gefe, na fuskanci soket ɗin da ke gefen wayarin babur. Dalilin da ya sa nake aunawa daga nan shi ne, duk abin da na gani a wannan baki shi ne abin da CDI ke gani, har da wayoyi da mahaɗan da ke kan hanya. In ka je ka auna kwayil a gindinsa ya nuna lafiya, ba ka san halin da wayar da ke tsakani take ciki ba.

Koriya na fara da ita, saboda ita ce ma'aunin sauran. Daga ramin koriya zuwa jikin injin, a matakin 200: 0.4, kusan daidai da na wayoyin mita. At ya kama. Na auna zuwa injin ne ba zuwa firam kaɗai ba, domin fulogi a jikin injin yake, kuma kwayil ɗin maganeto ma can yake komawa.

Baƙa mai ratsin fari da koriya: makulli a kashe, mita ta yi ƙara, kusan sifili. Na kunna makulli, OL. Na ɗaga mita zuwa mataki mafi girma na om, don ɗan yoyon da tsatsa ke kawowa ba ya bayyana a ƙaramin mataki, har yanzu OL. Na sa ƙanena ya juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, yana girgiza damin wayoyin da ke wuyan babur, inda suka fi gogewa. Lambar ba ta motsa ba.

Baƙa mai ratsin rawaya da koriya, bayan na mayar da wayar kwayil: 0.8. Wato daga soket har cikin naɗin farko hanya a buɗe take.

Shuɗiya mai ratsin rawaya da koriya, a matakin 2k: om 128. Falsa a irin waɗannan injina tana zama ne tsakanin om hamsin zuwa ɗari biyu ko kusa da haka, don haka ta shiga.

Baƙa mai ratsin ja da koriya: om 310. Kwayil ɗin maganeto mai ba CDI wuta yana nuna ɗaruruwan om, kuma lambar ta bambanta sosai daga injin zuwa injin, shi ya sa littafin babur ɗin da ke gabanka ya fi duk abin da wani zai faɗa maka da ka. Na wannan ya faɗa cikin iyakar da littafinsa ya bayar.

Komai lafiya ke nan. Ƙanena ya ce, "To ai ka gani, Yaya, saura CDI ɗin."

Da a ce babur ɗin ba ya ba da wuta sam, ko da sanyi ko da zafi, da maganarsa ta kusa zama gaskiya. Haka ake kama CDI: a tabbatar wuta na shigar masa, umarni na zuwa, at ya kama, mai kashewa ba ta taɓa ƙarfe, kwayil na lafiya, amma duk da haka ba abin da ke fita. Sai dai duk awon da na yi, na yi shi ne injin na sanyi, lokacin da babur ɗin ma yana tashi. Na auna mara lafiya ne a sa'ar da zazzaɓin ya sauka.

Game da auna CDI ɗin kansa, na san akwai littattafan da ke kawo tebur na om tsakanin ƙafa da ƙafa. Ina dubawa, amma ba na yanke hukunci da shi. Cikin akwatin dayod ne da kafasita da SCR, kuma abin da mita za ta nuna a kansu ya danganta da irin mitar da kuma wane tsinke ka sa a ina. Mita biyu masu kyau za su iya ba ka lamba biyu a kan CDI ɗaya mai lafiya. Abin da na yi kawai shi ne na sa mita a alamar dayod na zaga ƙafafun, ina neman inda zai nuna sifili ta kowane ɓangare tsakanin ƙafar shigar wuta da ta at, wanda zai nuna wani abu ya narke ya haɗe a ciki. Ban samu ba. Wannan bai wanke CDI ba, ya dai nuna bai mutu irin mutuwar da mita ke iya gani ba.

Hanyar da ta fi ita ce a auna wutar da ke gudana lokacin da ake buga kik. Matsalar ita ce wutar nan ƙyaftawar ido ce, mita ba ta iya cafke ta. In ka sa mita a 200V na AC a kan baƙa mai ratsin ja ka buga kik, za ka ga lambobi suna tsalle, talatin, hamsin, sittin, wanda ya isa ya nuna akwai rai, amma ba shi ne ƙololuwar wutar ba. Don haka nake amfani da wata 'yar na'ura da na haɗa da kaina: dayod 1N4007 a kan hanyar jan tsinke, kafasita mai 1µF da ke jure 400V ko fiye a tsakanin tsinken biyu, da resisto mai 1MΩ a gefenta don ta riƙa zubar da wutar a hankali. Dayod na barin wuta ta shiga, kafasita ta riƙe mafi girman abin da ya zo, mita kuma a matakin DC ta karanta a natse. Littattafan gyara na Honda da irin wannan na'ura suke ba da ƙa'ida, kuma a yawancin ƙananan injina masu wannan tsari abin da suke nema shi ne aƙalla 100V a kwayil ɗin maganeto, aƙalla 100V a naɗin farko na kwayil ɗin fulogi, da aƙalla 0.7V a falsa. Kafasitar na riƙe wuta bayan an gama, don haka ba a taɓa bakinta nan take.

Da sanyi na samu 140V a baƙa mai ratsin ja, da 2V da ɗoriya a falsa. Na mayar da CDI, na sa fulogi a hularsa jingine da injin, domin ba a buga kik babbar waya na reto a iska, wutar da ta rasa inda za ta yi tsalle tana iya huda kwayil daga ciki. Na soka tsinke ta bayan soket a kan baƙa mai ratsin rawaya. Da farko mita ba ta nuna abin kirki ba, sai na juya tsinken, don a CDI da yawa wutar da ke fita nan a juye take. Sai ga 130V. CDI yana karɓa, yana saki.

Yanzu sai a kama laifin a lokacin da yake faruwa. Na cire murfin gefe na bar soket ɗin CDI a fili, na saita mita a 2k na ajiye kusa, na tayar da babur muka bar shi yana aiki, ana ɗan ba shi wuta, har ya yi zafi sosai. Ya fara kakarin nan, ya mutu. Ban ɓata lokaci ba, na zare soket, na bi wayoyin da sauri. Mai kashewa: OL, daidai. Falsa: om 150. Ta ƙaru daga 128, kuma haka ya kamata, domin tagulla tana ƙara om wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Da wannan lissafi, kwayil ɗin maganeto da ya nuna 310 da sanyi ya kamata yanzu ya nuna wani abu kusa da 360. Na ɗora tsinke a baƙa mai ratsin ja. OL.

Na ɗaga matakin mita, har yanzu OL. Amma wannan bai isa in ce kwayil ne ba, don tsakanin soket da maganeto akwai waya da mahaɗa. Zanen ya nuna mahaɗa ɗaya a kan layin, kusa da inda wayoyi ke fitowa daga injin. Na raba ta, ina kaffa-kaffa da salansa mai zafi, na auna daga ɓangaren injin kai tsaye zuwa jikin injin. OL. Na auna guntun wayar daga mahaɗar zuwa soket ɗin CDI, 0.4, lafiya. Yankewar tana cikin maganeto.

Na bar tsinken a maƙale, na kira ƙanena ya zo ya tsaya ya kalli fuskar mitar da idonsa. Injin yana hucewa, yana 'yar ƙarar ƙarfe mai sanyaya. Can sai OL ta ɓace, lambobi suka yi ta rawa, dubu da wani abu, ɗari tara, suka sake ɓacewa, suka dawo, sannan suka tsaya cak a 352, suna sauka a hankali. Na mayar da soket na ce ya buga. Bugu ɗaya ya tashi.

Abin da ke faruwa a ciki ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa warware irin wannan kwayil. Wayarsa siririya ce ƙwarai, an naɗa ta zagaye dubbai a kan ƙarfe, tana zaune cikin zafi da girgiza. In ta tsinke a wuri ɗaya, bakin biyu suna nan manne da juna muddin akwai sanyi. Da zafi ya buɗa naɗin, sai su rabu da ɗan abin da ido ba ya gani, wuta ta yanke. Kakarin da babur ke yi kafin ya mutu shi ne lokacin da bakin ke taɓawa suna saki. Falsa ma tana irin wannan mutuwa, kwayil ɗin fulogi ma haka, CDI ma yana iya yi in dalmar da ke cikinsa ta tsage. Alamar a waje iri ɗaya ce, awon zafi ne kaɗai ke raba su. Da a ce da zafin na samu dukkan wayoyi biyar daidai, da 100V ko fiye na shiga, falsa na aikawa, amma baƙa mai ratsin rawaya ba ta fitar da komai, to da na ce a sayo CDI ba tare da wata-wata ba.

Da injin ya huce sarai na buɗe murfin maganeto, na cire filawil da abin jansa na musamman. Ba a dukansa da guduma, don duka na raunana maganaɗisu kuma yana iya lanƙwasa bakin karanshaf. Kwayil ɗin da ake magana ya bambanta da 'yan'uwansa na fitila da caji: su wayarsu mai kauri ce ana ganin zagayenta, shi kuwa an lulluɓe shi da kyalle da danƙo. Nasa lulluɓin ya yi duhu, ya tsage ta gefe ɗaya. A wannan injin kwayiloli duka a kan faranti ɗaya suke, don haka farantin gaba ɗaya aka sauya. Kafin in ɗaura sabon na kirga ƙafafunsa, na gwada ramukan noti da launin wayoyi da na tsohon, sannan na auna shi a hannu: om 335 tsakanin baƙa mai ratsin ja da ƙarfensa. Na zaunar da robar da wayoyi ke fita ta cikinta da kyau, na tabbatar babu wayar da filawil zai goga, na ɗaure notin filawil da ƙarfin da littafi ya ce.

Da sanyi sabon ya ba da 165V. Muka bar injin ya yi zafi fiye da na ɗazu, bai yi kakari ba. Na kashe shi da makulli, na zare soket nan take na auna: om 405, lamba a tsaye ba rawa. Na mayar da tsohon CDI ɗin gurbinsa cikin robarsa, na rubuta lambobin sanyi da na zafi na wayoyin biyar a gefen zanen, na rufe murfi.